Sayar da Atamfar da Ba ta Hannunka: Dabara ko Ganganci?

Kafin azahar, yaran shaguna a Kantin Kwari sun riga sun shimfiɗa sababbin atamfofi da lesuka sun ɗauke su hoto. Hoton turmi ɗaya yakan faɗa wayoyi da yawa a lokaci guda: matar aure a Gwammaja, ɗaliba a Zariya, wata 'yar kasuwa a Maraɗi, wani matashi mai shafi a Instagram. Kowa zai ɗora ribarsa a kan farashin shago ya sa a sitatus. In mai saye ya biya, sai a tura wa mai shago kuɗinsa, a kai kayan tasha a ba direba. Mai tallar bai taɓa kayan da hannunsa ba, wani lokaci ko ganinsu bai yi ba. Wannan ne dirofshifin, kuma shi ne ake yi tsakanin 'yan kasuwar Sin da masu saye a Turai da Amurka, sai dai can da manhaja da jirgin sama, nan kuwa da WhatsApp da motar haya. Gardamar da ake yi a kansa ita ce: shin wanda bai ajiye kaya ba ya tsira daga haɗarin kaya, ko kuwa ya ɗauko wanda ya fi na mai ajiyewa?

Masu goyon bayan tsarin suna da hujja mai ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa saro kaya suka yi masa kwantai ya san ƙarfinta. Atamfa kaya ce ta yayi. Zanen da ake rububi a watan Sha'aban, bayan Ƙaramar Salla sai ka ga ba mai tambayarsa. Wadda ta zuba naira dubu 360 ta sari turmi 40, ta sayar da 25, to ragowar 15 ɗin uwar kuɗinta ce a kwance cikin akwati, kuma ƙarshenta ta karya farashi ta rabu da su, ko dangi su kwashe bashi. Ga ɗanshi, ga ɓera, ga gobara. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta jiƙa kayan masu shaguna da rumbuna, amma wadda jarinta waya ce da data ba ta rasa ko yadi ɗaya ba. Sannan akwai maganar zaɓi. Mai ƙaramin jari kala biyar ko shida za ta iya ajiyewa, mai talla da hoto kuwa tana iya nuna kala hamsin daga shaguna huɗu, ta gane wanda mutane ke so ba tare da ta biya kuɗin gwaji ba. Ga macen da fita kasuwa kullum ba ta yiwuwa gare ta, wannan ƙofa ce da a da ba ta buɗe.

Wani dattijo da ya daɗe yana dillanci a Kwari bai musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma ya ce an ƙidaya asarar da ake gani an bar wadda ba a gani. Ga yadda yake faɗa wa masu zuwa neman shawara: “'Yata, kin ce ba ki da kaya, to amma kin karɓi kuɗin mutane. Kayan da kika sayar a shagon wani suke, mabuɗin yana aljihunsa. Kayan aro ba ya rufe katara.” Abin da yake nufi a fili yake. Mai shago bai yi wa mai tallar alkawarin komai ba da ya tura hoto. Idan ɗan sari ya sauko daga Agadas ko Njamena da kuɗi a hannu ya ce a ɗaure masa dila guda, ba wanda zai ce masa ya dakata saboda wata ta sa hoton a sitatus. Adadin da yaron shago ya ce “akwai” da safe, na duk masu tallar ne tare da duk wanda ya shigo shagon, kuma ba wanda ya san nawa sauran suka riga suka sayar.

A nan ne nake ganin gardamar ta fi ma'ana idan aka bi ta da lissafi, kuma ba inda abin ya fi fitowa kamar ankon biki. Mu ɗauki misali da farashi na kwatance. Amarya ta zaɓi atamfa daga hoton wata mai talla, ana buƙatar turmi 40. A shago turmi naira dubu 9, mai tallar ta sa 10,500. Ribar da take hange dubu 60. Ta tambayi yaron shago, ya ce akwai da yawa. Aka tura hoton a zauren ƙawayen amarya da lambar asusu. To kuɗin anko ba ya zuwa rana ɗaya. Yau mutum uku, gobe biyar, wata sai an yi albashi. Ita kuma ba ta son ta riƙa biyan ɗan aike kullum, sai ta bari kuɗi su taru. A rana ta goma dubu 420 sun cika, ta tura a ɗauko, aka ce turmi 26 suka rage.

Daga nan kowace hanya da tsadarta. Aka zaga kasuwa aka samo turmi 9 a wani shago a kan 10,800, wato tana cika naira 300 daga aljihunta a kan kowanne. Mutum biyar dole a mayar musu da kuɗi. Yaron da ya yi yawon nema da ƙarin kuɗin mota sun ci dubu 4. Ribar 26 ɗin dubu 39 ce, a cire 2,700, a cire dubu 4, saura 32,300. Mai goyon bayan tsarin zai ce to ai ba ta faɗi ba, riba ce ta ragu. Gaskiya ne a takarda. Amma turmi taran nan daga wata dila suka fito, shuɗinsu ya ɗan fi duhu, kuma a hoton biki kowa zai gani. Mata biyar kuma sun rasa anko saura mako biyu biki, tela ya riga ya ba su rana. Gidan amaryar da 'yan'uwansu, waɗanda su ne za su kawo ankon gaba da kayan lefen ƙaninsu, sun tafi. Wannan asarar ba ta shiga littafi, ita ce kuma ta fi kuɗin yawa.

Abin lura a misalin nan shi ne ba wanda ya yi ƙarya. Yaron shago ya faɗi gaskiya a ranar da aka tambaye shi. Abin da ya ɓata ciniki shi ne kwana goman da ke tsakanin “akwai” da biyan mai shago. Duk haɗarin kayan da ba ka riƙe ba a cikin wannan tazarar yake zaune, kuma ƙarewar kaya ɗaya ce kawai daga abubuwan da kan faru a cikinta. Farashi ma yana motsawa. Yawancin atamfar da ke Kwari daga waje ake shigo da ita, musamman daga Sin, saboda haka tana bin dala. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. A irin wannan lokaci mai shago kan sauya farashi tsakanin safiya da yamma. Da turmin dubu 9 ya koma dubu 10 cikin kwana goman nan, da kashi biyu bisa uku na ribarta ya tafi ko da kayan suna nan cif. Mai kaya a akwati kuwa dariya take yi, don nata sun ƙara daraja tana zaune. Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren: a Afrilun 2024 naira ta farfaɗo har dala ta sauko ƙasa da 1,200, kuma a lokacin waɗanda suka sari da tsada ne suka ji jiki, masu hoto suka sauya lamba kawai. Ke nan canjin kuɗi ba ya yanke wa kowane ɓangare hukunci.

Akwai wani matashi mai sayar da agogo da kwasfar waya daga Sin, wanda ke ganin duk wannan matsalar 'yan kasuwar gargajiya ce. Shagonsa a Shopify yake, an haɗa shi da mai kaya a AliExpress, kuma a faɗarsa, “Baba, mu na'ura ke ƙirga mana. Kaya na ƙarewa a can, shagona zai rufe shi da kansa.” Rabin maganarsa daidai ne. Manhaja ta fi yaron shago kula, ba ta mantuwa, ba ta jin nauyin cewa babu. Kuma akwai wani akwati a shafin kowane kaya a Shopify mai suna “Continue selling when out of stock” wanda mai sayar da kayan wani ya kamata ya tabbata bai kunna ba, domin in yana kunne shagon zai ci gaba da karɓar kuɗi ko adadi ya kai sifili. Inda ya yi kuskure shi ne ɗaukar lambar da ke allo a matsayin kayan da ke rumbu. Manhajar tana leƙawa ne lokaci zuwa lokaci, kuma tsakanin leƙe da leƙe kaya na iya ƙarewa. Lambar kanta mutum ne ya rubuta ta, kuma da yawa daga masu shago a irin waɗannan dandali su ma ba su ajiye kayan ba, sai an yi oda su sayo daga masana'anta ko daga kasuwar Yiwu. Ke nan matashin namu yana iya zama na uku a layin mutanen da kowannensu ke dogaro da na gabansa. Alamar hakan ba ta da wuyar ganewa: an ba ka lambar bin diddigi, kwana biyar ko shida ba ta motsa ba, sannan saƙo ya zo cewa wannan kalar ta ƙare, ko za ka karɓi wata.

Sai kuma kalanda, wadda ba manhajar da za ta kawar da ita. Idan Sabuwar Shekarar Sinawa ta zo, masana'antu da kasuwanni sukan rufe, ma'aikata su tafi garuruwansu, kuma aiki ba ya komawa daidai sai bayan makonni. A 2025 ta faɗo 29 ga Janairu, azumi ya kama a farkon Maris. A 2026 ta faɗo 17 ga Fabrairu, daidai bakin azumi. Wanda ya karɓi kuɗin kayan Salla a irin wannan lokaci yana lissafi da kwanakin da ya saba, zai wuni yana ba mutane haƙuri. Akwai kuma hutun makon farko na Oktoba, wanda ya fi gajarta amma shi ma yana tsayar da kaya.

Manyan kasuwannin intanet sun daɗe da gane wannan, shi ya sa ba sa karɓar uzurin “mai kayana ne ya ƙare”. Amazon na son odar da mai sayarwa ya soke da kansa kafin turawa ta kasance ƙasa da kashi 2.5 cikin ɗari, in ya wuce shagonsa na cikin haɗarin dakatarwa. eBay na ƙidaya sokewa saboda ƙarewar kaya a matsayin aibi a kan mai sayarwa, kuma ya yarda da turo kaya daga ɗan sari amma ya hana ka sayar sannan ka je wani shagon 'yan kiri ka sayo a tura wa mai saye. A Najeriya ma dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su dace da yadda aka siffanta su ba. Wanda ya karɓi kuɗin shi mai saye ya sani, shi kuma zai kama.

Wata Hajiya da aka kawo wa maganar ta ɗauke ta wani wajen daban. Ita a ganinta duk masu sayar da kaya ta hoto macuta ne, domin ta taɓa biyan kuɗin leshi ruwan zuma aka kawo mata ruwan ƙasa, da ta yi magana aka ce hasken waya ne. “Ni dai, Malam, abin da ban taɓa da hannuna ba, ba na saye.” Ba a kan zamba ake muhawarar ba, kuma mai yiwuwa wadda ta sayar mata ba ta yi niyyar cuta ba. Amma labarin nata ya taɓo wani haɗari da ya kamata a ambata: musanya. Yaron shago ya duba ruwan zuma ya ƙare, ga mota za ta tashi, sai ya ɗauko mafi kusa ya naɗe. Mai tallar ba ta gani ba, don kayan ba su bi ta hannunta ba. Lissafin mayarwa kuwa yana da zafi. In ribar leshin naira 1,500 ce, webil ɗin dawowa dubu 3, na sake turawa dubu 3, to kuskure ɗaya ya cinye ribar ciniki huɗu. Mai kaya a ɗaki ba ta cika faɗawa wannan ramin ba, tunda da idonta take naɗewa.

Ba za a yi wannan magana a ƙasar Hausa a tsallake malamai ba, kuma abin da suke faɗa ya zo daidai kan gaɓar. Hadisin Hakim ɗan Hizam, wanda Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa, kuma tambayar da ta jawo hanin kusan ita ce sana'ar da muke magana a kai: mutum ya zo neman kaya, ka ƙulla ciniki, sannan ka tafi kasuwa ka sayo. Wasu malaman sun tsaya a nan suka ce tsarin bai halatta ba. Wasu suka nuna ƙofofi biyu. Ta farko wakilci ko dillanci: mai shago ya san kina tallata masa, ya amince, kina cin la'ada ko abin da kuka yarda ki ɗora, mai saye ma ya san matsayinki. Ta biyu cinikin salam, inda ake biyan kuɗi gaba ɗaya a kan kaya da aka siffanta sarai, da adadi da ranar bayarwa sanannu, da sharaɗin ya zama irin kayan da galibi ake samu a lokacin da aka ɗiba, ba wani abu guda da aka nuna da yatsa ba. Ko atamfa mai wani zane da ke shago ɗaya tak ta cika wannan sharaɗi, wannan tambaya ce da har yanzu ake saɓani a kai, kuma malamai ne za su warware ta. Abin da ya ja hankalina shi ne sharaɗin da kansa ya raba kaya gida biyu yadda ɗan kasuwa mai hankali zai raba su: akwai kayan da in sun ƙare a nan za a samu a can, akwai waɗanda in sun ƙare sun ƙare.

Farar shadda, baƙin hijabi, yadin makaranta, cajar waya, duk suna rukunin farko. Shago goma na da su, mai saye ba zai bambance na wannan da na wancan ba, kuma in ka makara kwana biyu ba a fasa komai. A irin waɗannan, masu goyon bayan tsarin sun yi gaskiya, ajiye kaya ɗaure kuɗi ne ba dalili. Atamfa mai zane na musamman, leshin da dila ɗaya aka shigo da shi, takalmi mai lamba, da duk abin da aka ɗaura wa rana kamar anko da lefe da ɗinkin Salla, suna rukuni na biyu. A nan dattijon Kwari ne da gaskiya.

To yaya ake rage haɗarin ba tare da an koma sari ba? Dattijon ya ce a gyara jerin aiki kafin komai. Yawancin masu talla suna karɓar kuɗi sannan su tambayi shago. Shi ya ce a juya: mai saye ya nuna sha'awa, ki kira shago a lokacin, a ciro kayan a ɗauki sabon hoto ko ɗan bidiyo, a ajiye gefe da sunanki, sannan ki ba da lambar asusu, alat na shigowa ki tura wa mai shago nasa. Tazarar da ta kasance kwanaki ta koma awa ɗaya ko biyu. Kuma tambayar da ake yi ita ce “guda nawa suka rage?”, domin “akwai?” amsarta kullum “akwai”. In aka ce uku, kada a tallata wa mutum ɗari biyar kamar rumbu ne cike. Matashin mai Shopify ma wannan ce dokarsa, in ya yarda: adadin mai kaya ya sauko ƙasa da goma, a ɗauka ya ƙare a sauke shi. Hoton da ya kwana biyu ba a sake tabbatarwa ba, a goge shi. Kafin a naɗe kuma a turo hoton abin da aka sa a leda, shi ne maganin abin da ya sami Hajiya.

Ga anko, kira bai isa ba, sai kafin alƙalami. Mu koma kan turmi 40 ɗin nan. Da mai tallar ta ce wa gidan amarya su fara ba da naira dubu a kan kowane turmi, dubu 40 ke nan, ta kai wa mai shago, aka ƙirga 40 daga dila ɗaya aka ɗaure aka rubuta suna, aka yi magana a kan farashi da wa'adin mako guda, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. A zauren ƙawaye kuma a faɗa tun farko cewa ranar kaza za a rufe karɓar kuɗi. Wannan hanyar ma tana da nata ciwon, kuma masu sukar ta ba su yi ƙarya ba. In wa'adi ya cika mutum 31 kaɗai suka biya, tara sun rage a wuyan wani, shi ya sa dole a yanke tun farko ko gidan amarya ne za su ɗauka. Ba kowane mai shago ba ne zai yarda ya ɗaure kaya mako guda a lokacin da kasuwa ke ci, sai wanda kuka saba. Kuma da zarar kin ba da kafin alƙalami, kin ɗan koma mai riƙe kaya, wato kin sayi kwanciyar hankali da wani yanki na 'yancin da tsarin ya yi alkawari.

Shawarar da aka fi maimaitawa ita ce a samu mai kaya na biyu. Tana aiki a farar shadda. A atamfar zane sau da yawa ruɗi ce, domin shaguna biyar da ke da zanen nan ƙila duk daga hannun mai shigo da kaya ɗaya suka sara, in ta yanke a wurinsa ta yanke a layin gaba ɗaya. Na fi ganin amfanin zurfafa hulɗa da shago biyu ko uku da suka san muryarki, waɗanda za su kira ki su ce kala kaza ta kusa ƙarewa, a kan tara hotuna daga zaure ashirin da ba wanda ya san ki a ciki. Haka kuma wadda ta yi wata uku tana talla ta riga ta san kaya huɗu ko biyar da ake tambaya kowane mako. Ajiye biyu-biyu daga cikinsu ba zai karya jari ba, kuma su ne za su fitar da ita kunya ranar da shago ya ce babu.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗin mai saye. Har sai kaya sun shiga mota, kuɗin nan amana ne. Mafi yawan rigimar da ke kai mutane gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda ba daga ƙarewar kaya take tasowa ba, daga abin da ya biyo baya ne: an ce babu kaya, mai saye ya ce a maido masa kuɗinsa, ashe an riga an cike wata oda da su, sai a shiga “gobe in sha Allahu” da kashe waya. Wadda ta maido da kuɗi a ranar, ta faɗi gaskiya cewa shago ne ya ƙare, yawanci mai sayen na dawowa. Don haka ware asusun ciniki daga na cefane, da barin ribar ciniki huɗu ko biyar a ciki saboda ranar mayarwa, ya fi kowace manhaja tsare mutunci.

Hukuncina dai ya fi karkata ga dattijon. Ga kayan da ke ko'ina kuma ba a ɗaura musu rana ba, a yi talla da hoto, a tabbatar kafin a karɓi kuɗi. Ga anko da lefe da kayan Salla, duk mai tallar da ba ta sa an ƙirga kayan an ɗaure da sunanta ba, kada ta ba kowa lambar asusu. Ke kuma mai saye, kafin ki tura kuɗi ki tambaya ko kayan suna hannunta, in ta ce suna shago, ki nemi hoton yau.